Maganin kamfani mai tsada ko mai arha: wanne zan saya wa mahaifiyata?

Tambaya: Mahaifiyata tana da hawan jini, shekara shida ke nan tana shan Norvasc mai miligiram 5. Yanzu kuɗinsa ya fi ƙarfina. Mai kyamis ɗin unguwarmu ya nuna mini wani na Indiya da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin wancan ba, ya ce duk abu ɗaya ne. Yayana kuma ya ce kada in kuskura, wai doka ma ta yarda irin waɗannan su gaza orijina ƙarfi da kashi 20 cikin 100. Wa zan bi?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyarta. Kana iya canza mata, kuma a wannan maganin musamman ba na jin ɗar. Amma mai kyamis da yayanka kowa ya kama wani gefe na gaskiya ne ya saki wani, don haka bari in bi maganar daga tushe. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma da wuya mako ya wuce ba a yi mini irin wannan tambaya a bakin kanta ba.

Ɗauko kwalin da ke hannunka. Akwai suna biyu a jikinsa. Babban, wanda aka ƙawata, sunan kasuwa ne da kamfanin Pfizer ya raɗa. Ƙaramin da ke ƙasansa shi ne sunan sinadarin da ke sauke jinin, wato amlodifin. Kamfanin da ya ƙirƙiro sabon magani yakan samu kariyar doka ta shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardar mallaka, kuma a tsawon wannan lokaci ba mai ikon yin irinsa. A nan yake mayar da kuɗin bincikensa ya ɗora riba. Kariyar amlodifin ta ƙare a Amurka a 2007, daga nan ƙofa ta buɗe, kamfanoni barkatai a Indiya da Turai da nan gida Najeriya suka shiga yin sa. Waɗannan su ake kira jenarik. Ba su kashe kuɗin gano maganin ba, ba su sake gwada shi a kan dubban majinyata ba, ga kuma gasa a tsakaninsu, shi ya sa farashi ya faɗi. Arharsu ita kaɗai ba ta nuna cewa an rage wani abu a ciki.

Sai dai zuba sinadari iri ɗaya bai wadatar ba, kuma a nan maganar mai kyamis ta yi gajarta. Ƙwayar da kake gani, amlodifin ɗin cikinta ɗan mitsitsi ne. Sauran duk kayan haɗi ne: abin da ke ba ta jiki, abin da ke ɗaure ta, abin da ke sa ta fashe idan ta haɗu da ruwa a ciki. Kowane kamfani da irin nasa haɗin da irin ƙarfin da injinsa ke danne ƙwayar. Ka san fura: gero ɗaya, nono ɗaya, amma wata mai damun za ta dama ta narke sumul, wata kuma ta bar maka gaya a gindin ƙwarya. Ƙwayar da ba ta fashe ta narke a kan lokaci ba, ko da an auna sinadarinta cif, wani kasonsa zai bi bayan gida ne bai shiga jini ba.

An ga wannan da ido. A Ostireliya wajajen 1968, masu farfaɗiya da suka daɗe lafiya lau a kan maganin fenitoyin suka fara tangaɗi da gani biyu-biyu, alamun magani ya yi musu yawa, alhali ba wanda ya ƙara musu awo. Da aka bincika, sai aka gano kamfanin ya canza hodar cika kwanson ne kawai, daga wani gishirin kalsiyam zuwa sukarin madara. Tsohuwar hodar tana tare wani kaso na maganin, sabuwar kuma ta sake shi gaba ɗaya. Irin wannan ne ya sa hukumomi suka daina tsayawa ga tambayar me ke cikin ƙwaya, suka koma tambayar nawa ne ya isa jini, kuma cikin wane lokaci. Gwajin da ke amsa wannan shi ake kira bayo'ikwibalens, ni kuwa nakan ce masa gwajin daidaito a jini.

Ga yadda ake yin sa. Ana samo mutane masu lafiya, yawanci tsakanin 24 zuwa 36, a raba su gida biyu. Da safe, ba su ci komai ba, rabi su sha na asali, rabi su sha sabon. Sai a riƙa ɗibar jininsu a kai a kai ana auna yawan maganin. Amlodifin ba mai gaggawa ba ne, yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya kai ƙololuwarsa a jini, kuma sai bayan awa 30 zuwa 50 rabinsa ke fita daga jiki, saboda haka akan bi su da ɗibar jini har kwana uku. Daga nan a sallame su na mako biyu zuwa uku har jikinsu ya wanke tas, su dawo a yi musaya: wanda ya sha na asali ya sha sabon, wanda ya sha sabon ya sha na asali. Hikimar musayar ita ce ana gwada kowane mutum da kansa ne, ba da maƙwabcinsa mai wata irin hanta ko wani irin nauyi ba. A ƙarshe abu biyu ake kwatantawa: iyakar tsayin da maganin ya kai a jini, da jimillar maganin da jiki ya samu daga farko zuwa ƙarshe.

Yanzu ga inda yayanka ya samo kashi 20 ɗinsa. Lallai akwai lambobi biyu a ƙa'idar, 80 da 125, amma ba abin da ya zata suke nufi ba. Idan aka ɗauki na asali a matsayin 100, sai a lissafa matsakaicin sabon. To amma mutum 24 ba su ne duniya ba. Da za a sake gwajin da wasu 24, lambar za ta ɗan motsa. Don haka masana lissafi sukan fitar da tazara, daga kaza zuwa kaza, wadda ake da tabbacin kashi 90 cikin 100 cewa gaskiyar lamarin tana cikinta. Sharaɗin shi ne tazarar nan gaba ɗayanta, kai da ƙafa, ta zauna tsakanin 80 da 125. Ba matsakaicin kaɗai ba.

Bari in ƙirƙiro lambobi don misali. Kamfani na farko ya samu matsakaici 97, tazararsa daga 92 zuwa 103. Ya ci. Na biyu ya samu matsakaici 85, wanda a fahimtar yayanka ya wuce tunda ya ɗara 80, amma tazararsa daga 77 zuwa 94. Ya faɗi, domin ƙafarsa ta leƙa waje. Ka ga ke nan maganin da da gaske ya gaza da kashi 20 da wuya ƙwarai ya tsallake, tunda matsakaicinsa na kan layin, rabin tazararsa kuwa na waje. Wanda yake son ya ci dole ya tsaya kusa da 100. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta taɓa tattara irin waɗannan gwaje-gwaje guda 2,070 da aka miƙa mata daga 1996 zuwa 2007, na magungunan da ta amince da su, sai ta tarar matsakaicin bambanci a jimillar abin da jiki ke samu bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Wannan ɗan bambanci, ko a cikin kamfani ɗaya ana iya samun kwatankwacinsa tsakanin abin da aka buga a watan Janairu da wanda aka buga a Yuni. Shi kansa jikin Hajiya, yadda ya karɓi ƙwayar jiya ba lallai ya zama daidai da na yau ba.

Idan kana mamakin me ya sa 125 ba 120 ba, lissafin ninki ne: 80 shi ne huɗu bisa biyar, 125 kuma biyar bisa huɗu, wato abu ɗaya aka juya.

Da a ce kowane kwalin da ke kasuwarmu ya bi ta wannan gwaji, da na rufe baki a nan. Amma tsoron yayanka yana da tushe, sai dai ya ɗora shi a inda ba nan ba ne. Gwajin daidaito shaida ce a kan samfurin da aka gwada, ba a kan kwalin da aka miƙo maka ta saman kanta ba. Tsakanin su biyun akwai ramuka uku. Na farko, ba duk jenarik da ke yawo a ƙasashenmu ne aka taɓa yi wa gwajin ba. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa maganin rajista, an duba takardunsa da ingancinsa, amma shekaru da yawa gwajin jini bai zama tilas a kan kowane jenarik ba, sai a 'yan shekarun nan hukumar ta fara tsaurara sharaɗin daki-daki. Na biyu, akwai jabu tsagwaronsa, da kuma wanda aka yi da ha'inci aka rage awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba. Na uku, ajiya. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafi kan haura 40 a inuwa, balle a shagon kwano ko a farantin mai talla.

Lura da abu guda: rami na biyu da na uku ba su bar mai tsada ba. Hasali ma mai buga jabu ba ya wahalar da kansa a kan maganin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, sunan da aka sani yake kwaikwaya, wanda mutane za su biya ko nawa ne ba ciniki. Haɗarin yakan ƙaru duk lokacin da sanannen magani ya yi wuya, kamar yadda aka shiga bayan kamfanin GSK ya sanar a watan Agusta 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin Augmentin da Ventolin ya yi tashin gwauron zabi. Idan ka ga sanannen suna ana sayar da shi a rabin kuɗin da manyan kantuna ke sayarwa, wannan ya fi ba ni tsoro a kan jenarik mai arha da ke ɗauke da sunan kamfaninsa na gaskiya.

Batun cewa na Indiya ne kuwa, wannan bai gaya maka komai ba. A Indiya akwai masana'antun da ke sayar wa Amurka da Birtaniya, akwai kuma waɗanda ba zan bai wa akuyata maganinsu ba. Maganin cuta mai karya garkuwar jiki da ake rabawa kyauta a asibitocinmu, akasarinsa jenarik ne na Indiya. A 2001 kamfanin Cipla ya yi tayin haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara, lokacin da na asali ke cin sama da dala 10,000, kuma miliyoyin mutane a Afirka suna raye yau a kan irin waɗannan. Abin tambaya shi ne wace masana'anta, kuma ta wane hannu ya iso gare ka.

To ga abin da zan yi da Hajiya mahaifiyata ce. Zan je kantin magani mai rajista wanda akwai ƙwararren mai harhaɗa magani a ciki, ko kantin babban asibiti, in ce a ba ni amlodifin miligiram 5 na kamfanin da su kansu suka daɗe suna sayarwa ba a dawo musu da ƙorafi ba. Ba zan ɗauki mafi arha a jerin ba, zan ɗauki na tsakiya wanda na san zan iya saye kowane wata kuma ba ya yankewa. Zan duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da lambar bugu, in tabbatar abin da ke kan kwali shi ne a kan takardar ƙwayoyin ta ciki. Hukumar tana da rumbun rajista a intanet mai suna Greenbook, inda za ka rubuta `amlodipine` ko lambar rajistar ka ga ko sunan magani da na kamfani sun dace da abin da ke hannunka. Idan akwai wurin kankarewa a aika lamba ta waya, a yi, ko da yake an fi samun wannan a magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta.

Abu biyu a rubutun kwali kan rikita mutane. Wani kwalin zai ce akwai miligiram 6.9 na amlodifin besilet, daidai da miligiram 5 na amlodifin. Wannan ba ƙari ba ne, nauyin gishirin da aka haɗa shi da shi ne aka lissafa, lambar ƙarshen ita ce taka. Ɗayan kuma ya fi muhimmanci: akwai wanda aka sa wa harafin S a gaban sunan, wato S-amlodifin. Wannan ba jenarik ɗin na Hajiya ba ne kai tsaye, domin miligiram 2.5 nasa yana tsayawa ne a madadin 5 na wanda ta saba. Idan aka ba ka mai S miligiram 5 a matsayin canji, an ninka mata magani ke nan. Haka kuma a kula da waɗanda aka gwama amlodifin da wani maganin hawan jinin a ƙwaya ɗaya.

Sa'ar da kuka yi ita ce hawan jini ciwo ne da ake aunawa a gida, don haka ba sai kun dogara da maganata ko ta mai kyamis ba. Kafin tsohon ya ƙare, a auna jininta kwana bakwai, safe kafin ta sha magani da kuma yamma, tana zaune ta huta minti biyar, awo biyu kowane zama, a rubuta a littafi. A watsar da na ranar farko a fitar da matsakaicin sauran. Sai ta fara sabon washegarin ranar da ta sha na ƙarshe a tsohon, a lokacin da ta saba. Kada a yanke hukunci a kwana biyun farko, domin tsohon bai gama fita ba, sabon kuma yana buƙatar kamar mako guda kafin ya daidaita a jini. A bari mako biyu su wuce, sannan a sake awon kwana bakwai. Idan da matsakaicinta 132 bisa 82 ne yanzu ya zama 135 bisa 83, babu abin da ya faru, jini yakan yi wannan kai-kawo ko ba a canza komai ba. Idan kuwa ya koma 150 bisa 95 ya zauna, kuma ba ta tsallake sha ba, ba ta fara shan maganin ciwon gwiwa irin su diklofenak ko ibufurofen ba (waɗannan suna tayar da jini, kuma iyayenmu mata suna shan su kamar gyaɗa), to a ɗauki kwalin da littafin a kai wa likitanta. Idan awo ya kai 180 bisa 120, ko ta ji ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko wani sashe na jiki ya saki, wannan asibiti ne nan take, ba jiran mako biyu.

Idan sabon ya karɓe ta, a zauna a kansa. Gwajin daidaito yana kwatanta kowane jenarik da na asali ne, ba jenarik da jenarik ba, saboda haka yawo daga wannan kamfani zuwa wancan kowane wata ba dabara ba ce. Amma babban dalilina ma ba na jini ba ne, na ido ne. Tsofaffi da kamanni suke gane magani: farin nan ƙarami na safe, mai ruwan ƙwai na dare. Na taɓa karɓar wata dattijuwa da jiri ya kayar a banɗaki, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Da 'yarta ta zazzage ledar magungunanta a kan tebur, sai ga amlodifin kala biyu da suna daban-daban, ɗaya daga asibiti, ɗaya wani ɗanta ya aiko daga Abuja, tana shan duka biyun kullum a zaton magani biyu ne. Kowannensu lafiyayye ne. Don haka ranar da ka kawo sabon, ka kwashe ragowar tsohon daga ɗakinta, ka nuna mata da bakinka cewa wannan ya maye gurbin wancan.

Kada kuma ka ɗauki wannan amsa ka shimfiɗa ta a kan kowane magani, ko ka ba maƙwabci shawara da ita. Amlodifin yana da haƙuri: tsakanin awon da ke aiki da wanda ke cutarwa akwai fili, ga shi yana daɗewa a jiki. Akwai waɗanda filinsu siriri ne kamar zare, ɗan ƙari ya zama guba, ɗan ragi ciwo ya dawo. Cikinsu akwai magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazafin da fenobabiton, da wafarin na tsinka jini, da digozin na zuciya, da litiyam, da lebotairoksin na maƙoƙo, da waɗanda ake ba wanda aka dasa wa ƙoda. Ga irin waɗannan, hukumar magunguna ta Turai takan matse iyakar ta koma 90 zuwa 111, kuma a Birtaniya tun 2013 aka shawarci likitoci su bar mai shan waɗancan magungunan farfaɗiya a kan samfurin kamfani guda. Ba ana nufin sai mai tsada ba. Ana nufin wanda aka daidaita mutum a kansa, ko jenarik ne, kada a canza sai da sanin likita, sau da yawa ma tare da gwajin jini bayan canjin.

Sai kuma ƙwayoyin da aka ƙera su riƙa sakin magani a hankali tsawon yini, waɗanda za ka ga an liƙa wa sunansu haruffa irin su SR ko XL. Wannan ya shafe ku, domin idan wata rana amlodifin ya yanke, wani mai kanti zai iya cewa ga nifedifin, ɗan'uwansa ne. Ɗan'uwansa ne, amma wani magani ne daban, ba jenarik ɗinsa ba, kuma shi kansa nifedifin akwai mai saki a hankali akwai mai zubowa lokaci guda, wanda kan faɗar da jini farat ɗaya har mutum ya ji zuciyarsa na bugawa. Wannan canji na likita ne, ba na bakin kanta ba. Idan aka rasa na kamfanin da ta saba, a sayi amlodifin miligiram 5 na wani kamfanin kirki, a rubuta ranar canjin da sunan kamfanin a littafin awon nan, a ci gaba da aunawa.